Duba mara lafiya daga kai har ƙafa: ta ina ɗaliba za ta fara?

"Assalamu alaikum Sista. Ina aji ɗaya a makarantar koyon aikin jinya, makon jiya aka fara tura mu ɗakin marasa lafiya. Na haddace jerin abubuwan da ake dubawa daga kai zuwa ƙafa, amma da na tsaya gaban gado sai kaina ya ɗaure. Ta ina zan fara, kuma yaya zan gane cewa abin da na gani matsala ne?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Jerin da kika haddace amfaninsa ɗaya ne, kada ki manta wata gaɓa. Ba shi ne dubawar ba. Dubawa ita ce a kowace gaɓa ki san yadda take a jikin mai lafiya, ki gwada dama da hagu, sannan ki tambayi kanki ko abin da kika gani a nan yana da alaƙa da wanda kika gani a can. Wannan na ƙarshen shi ne inda ɗalibai suka fi rauni, don haka zan ɗauki mara lafiya guda mu bi ta tare, ki ga yadda abubuwan suke haɗuwa.

Mu ƙaddara an kwantar da wata mata a ɗakin mata da la'asar. Shekarunta 28, haihuwarta ta huɗu, yau mako shida da ta sauka. Abin da ya kawo ta, a bakinta, tari ne da gajiya da rashin cin abinci. Saboda rashin cin abincin an ɗaura mata ƙarin ruwa kafin a turo ta. Babbar nas ta ce ki je ki duba ta.

Dubawar tana farawa tun kina nesa da gadon. Ki rage sauri ki kalle ta. A kwance take ko a zaune? Wannan matar a zaune take, ta jingina da bango, mai jinyarta ta cusa mata filo da zannuwa a baya. Kafaɗunta suna ɗagawa da kowane numfashi. Da kika yi sallama kika ce mata sannu, yaya jiki, ta amsa, amma ta yanke "Alhamdu lillahi, da sauƙi" gida biyu don ta ja iska a tsakani. Ba ki taɓa ta ba tukuna, amma kin riga kin san tana cikin hayyacinta, hanyar iskarta a buɗe take tunda magana tana fita, kuma numfashi yana yi mata wuya. Kada "da sauƙi" ta ruɗe ki. Mutanenmu, musamman mata, an tarbiyyantar da su a kan dauriya, mace tana kan gargara za ta ce miki da sauƙi. Jikinta za ki saurara.

A nan akwai ƙa'idar da nake so ta zauna miki kafin komai. Bin kai zuwa ƙafa na mara lafiyar da yake da lokaci ne. Idan kin tarar da wanda ba ya amsa kira, ko yake minshari mai kakari alhali ba barci yake ba, ko harshensa ya yi shuɗi, ko jini yake zuba, ko yake jijjiga, babu maganar jeri. Ki ɗaga murya ki kira babbar nas, ki tsaya a wurinsa. Ko da kin yi nisa da dubawar, duk inda kika ci karo da irin wannan, a nan za ki tsaya.

Ki wanke hannu, ki faɗi sunanki da cewa ke ɗaliba ce, ki gaya mata abin da za ki yi, ki nemi izininta. Ki tambaye ta sunanta ki gwada da na jikin fayil, maimakon ke ki kira sunan ta ce "na'am", domin a ɗaki ɗaya ana iya samun masu suna ɗaya har uku. Ki ja labule. Idan surukarta ce take jinyarta, ki roƙe ta cikin ladabi, "Mama, ko za ki ɗan ba mu wuri", saboda akwai abin da mace ba za ta taɓa faɗa gaban uwar mijinta ba. Idan kuwa namiji za ki duba, ki samu abokin aiki ya tsaya tare da ke. Wurin da kike dubawa kaɗai za ki buɗe, ki rufe shi kafin ki wuce gaba.

Game da hayyaci, littafinku zai ce a tambayi mutum sunansa, inda yake, da kwanan wata. Ki yi hankali da ta ukun. Tsohuwar da ta zo daga ƙauye ba lallai ta san yau nawa ga watan Bature ba, kuma lafiyar ƙwaƙwalwarta ƙalau. Ki tambaye ta wace salla aka yi ta ƙarshe, ko yaushe kasuwar garinsu take ci, ko wane ne wannan da yake zaune kusa da ita. Ma'aunin Gilasgo na auna hayyaci mai maki 3 zuwa 15 za ki koye shi a hankali. A yanzu ya ishe ki ki iya bambance huɗu: tana farke da kanta, sai an kira ta take buɗe ido, sai ta ji zafi take motsi, ko ba ta amsawa sam.

Sai awo. Zan daɗe a kan numfashi, domin shi ne awon da aka fi yi wa ha'inci a ɗakunan jinya. Za ki buɗe fayil ki ga 20, 20, 20 tun safe har dare, ki san ba a ƙirga ba. Alhali sau da yawa numfashi ne yake fara canzawa idan mara lafiya zai rikice, tun awon jini bai motsa ba. Babba mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Kada ki ce mata za ki ƙirga, don da ta sani za ta canza shi ba da gangan ba. Ki riƙe wuyan hannunta ki ƙirga bugun jini, in kin gama kada ki saki, ki mai da idonki kan ƙirjinta ki ƙirga minti ɗaya cif. Shiga da fita ɗaya ke nan. Na matar nan 28.

Bugun jini da yatsu biyu ko uku ake jin sa a wuyan hannu, ɓangaren babban yatsa. Kada ki sa naki babban yatsan, yana da nasa bugun. Daga 60 zuwa 100 ne daidai. Bayan lambar, ki lura ko yana tafiya a jere ko yana tsallake, da ƙarfi yake zuwa ko siriri ne. Nata 112, a jere, amma siriri, kuma tafin hannunta da sanyi.

A awon jini kuskure biyu na fi gani. Na farko girman abin da ake ɗaurawa a damtse: ƙarami a babban hannu yana ba da lamba sama da gaskiya, babba a siririn hannu yana ba da ƙasa da ita. Na biyu gaggawar sakin iska. Ki fara da yatsa: kina jin bugun wuyan hannu kina hura iska har ya ɓace, ki riƙe lambar. Sannan ki sa abin sauraro a lanƙwasar gwiwar hannu, ki hura ki wuce waccan lambar da 30, ki riƙa sakin 2 zuwa 3 a kowace daƙiƙa. Hannun ya kasance a tallafe daidai da zuciya, kuma ba wanda ake ƙarin ruwa a cikinsa ba. Nata 98/70. Zafin jikinta digiri 36.8, yana cikin 36.5 zuwa 37.5 da ake so. Ki riƙe wannan, zai yi mana amfani: tana tari, numfashi yana sauri, amma babu zazzaɓi.

'Yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar da ke cikin jini ta nuna 91, alhali ana son 95 zuwa sama. Ki san cewa na'urar nan tana iya yin ƙarya. Yatsa mai sanyi, motsi, jan farce da lalle mai duhu duk suna iya dagula ta, kuma a baƙar fata tana iya nuna lamba ɗan sama da ainihin iskar da ke cikin jini. Saboda haka in ta nuna 95 amma mutum yana haki, mutumin za ki gaskata. Da numfashi 28 da 91, a nan ya kamata ki leƙa ki shaida wa babbar nas, ki dawo ki ci gaba yayin da take zuwa.

Yanzu kai. Ki kalli fuska gaba ɗaya, ki ce ta yi murmushi ko ta nuna haƙora, ki ga ko baki ya karkace, wanda alama ce ta shanyewar ɓarin jiki. Sai ido, inda zan sake tsayawa. Yawancin littattafan da kuke karantawa an rubuta su ne da farar fata a zuciya, za su ce fata ta yi fari, ta yi rawaya, ta yi shuɗi, ta yi ja. A fatarmu waɗannan ba sa fitowa haka, sai ki nemi wuraren da ba su da baƙi. Ki ce ta kalli sama, ki ja fatar idonta ta ƙasa da yatsa a hankali. Cikin ya kamata ya zama ja-ja. Idan ya koɗe ya yi fari-fat, jini ya yi ƙaranci, sai ki tabbatar da harshe da tafin hannu. Shawara kuma a farin ido ake ganin ta: ta kalli ƙasa, ki ɗaga fatar sama. Ki yi wannan da hasken rana kusa da taga in da hali, domin ƙwan lantarki mai launin ruwan ɗorawa yana ɓoye shawara ko ya ƙirƙiro ta. Mutane da yawa masu lafiya farin idonsu yana da ɗan duhu-duhu a wurin da iska da ƙura suke bugu, shi ya sa ake duba ɓangaren da fata take rufewa. Ƙarancin iska a jini kuma a harshe da cikin leɓe ake neman shi, za ki ga sun yi toka-toka ko shuɗi. Ki haska tocila daga gefe zuwa kowane ido, baƙin tsakiyar ya tsuke nan take, kuma girman na dama da na hagu ya zo ɗaya. A baki ki duba ko harshe ya bushe, ko akwai farin abu manne a harshe da kumatu. Jan da goro yake bari a haƙora ba ciwo ba ne. Matar nan cikin idonta ya ɗan koɗe, babu shawara, harshenta da danshi. Harshe mai danshi a jikin wadda ake yi wa ƙarin ruwa don an ɗauka ta bushe, wannan abin tsayawa a yi tunani ne.

A wuya ki shafa ƙarƙashin muƙamuƙi da gefen wuya ko akwai kaluluwa, ki ce ta haɗiyi yawu ki ga ko akwai maƙoƙo. Mai zazzaɓi da ciwon kai, musamman lokacin zafi, ki ga ko haɓarsa tana iya taɓa ƙirji, saboda sanƙarau. Kada ki taɓa danna manyan jijiyoyin wuya biyu a lokaci guda, kina iya rage jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa. Abin da ya fi muhimmanci ga matar nan shi ne jijiyoyin da ke mai da jini zuciya. Ki kishingiɗar da ita rabi, tsakanin zama da kwanciya, ta ɗan juya kai hagu, ki kalli gefen wuyanta na dama da haske daga gefe. In mutum yana kwance shame-shame jijiyoyin suna cika, wannan ba komai ba ne. Amma a kishingiɗe ya kamata su kwanta, sai dai ɗan motsi a gindin wuya. Nata a cike suke har kusa da kunne. Ma'anarsa jini yana dawowa, zuciya ba ta iya kwashe shi.

A ƙirji tsarin shi ne kallo, taɓawa, ƙwanƙwasawa, sannan sauraro. Ki ga ko ɓangarorin biyu suna tashi tare, ko fatar tsakanin haƙarƙari tana shiga ciki. Abin sauraro a kan fata ake ɗora shi, ba a kan riga ko hijabi ba, domin gogar tufa tana yin ƙara irin ta ciwo. Ta riƙa numfashi da baki a buɗe, ke kuma ki saurari wuri a dama, ki tsallaka daidai wurin a hagu, ki sauko, ki sake tsallakawa. Wanda ya saurari dama duka sannan ya koma hagu ya riga ya manta abin da zai gwada. Ki bar ta ta huta bayan numfashi kaɗan, don jiri yana iya kama ta. Kuma kada ki tsaya a gaba kawai. Mafi yawan ƙasan huhu ta baya ake jin sa, kuma ruwa can ƙasa yake taruwa. Ki sa ta ɗan sunkuyo gaba ta rungumi filo, ki bi bayanta har ƙasa da allon kafaɗa. Iska mai lafiya tana shiga a tausashe. Ƙara mai kama da fito tana nuna hanyoyin iska sun tsuke, kamar a asma. Ta biyun da za ki koya ita ce ƙananan ƙarar ɓas-ɓas lokacin jan numfashi. In kina so ki san ta, ki kama gashi kaɗan kusa da kunnenki ki murza tsakanin yatsu biyu. Ki ce ta yi tari ki sake saurara, in ƙarar ta tafi majina ce, in tana nan ruwa ne ko ciwo a cikin huhun. A matar nan tana nan, a ƙasan huhu, dama da hagu. Ciwon sanyin huhu ya fi kama ɓangare ɗaya kuma ya fi zuwa da zazzaɓi. Ɓangare biyu daidai ba zazzaɓi, tunani ya fi tafiya ga ruwa.

Tunda ta riga ta sunkuya, ki yi amfani da damar ki duba gindin bayanta, saman ɗuwawu, kada ki sake wahalar da ita daga baya. Jerin ba zai ɓaci ba don kin yi haka. Ki danna ki ga ko ya loɓa, domin wanda ya daɗe a gado kumburinsa can yake sauka, ba ƙafa ba. Nan ne kuma gyambon kwanciya yake farawa, da diddige da ƙashin kwatangwalo. A baƙar fata ba za ki ga jan da littafi ya faɗa ba. Wurin zai fi kewayensa duhu ko sheƙi, ya fi zafi ko sanyi, ya yi tauri ko ya yi laushi fiye da kima. Sai da hannu ake gane shi. Ki duba tun ranar da aka kwantar da mutum, ki rubuta.

Zuciya kuma, ki ɗora tafin hannu ƙarƙashin nonon hagu ki nemi inda bugun ya fi fitowa. Mazauninsa tsakanin haƙarƙari na 5 da na 6 ne, a layin da ya sauko daga tsakiyar ƙashin da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa. Nata ya gangara ƙasa ya karkata wajen hammata, alamar zuciya ta buɗe. Ki saurara a wurin minti ɗaya. A matakinki ba a neman ki sa wa kowace ƙara suna. Ki san sauti biyun da ake ji a mai lafiya, in kin ji na uku ko wani huci a tsakaninsu ki ce kin ji, a zo a tabbatar. Da yake mai jego ce, ki duba nonon ko akwai tauri, zafi ko tsagewar kan nono.

A hannu ki danna farce ko tsokar yatsa daƙiƙa 5 ki saki, jini ya dawo cikin daƙiƙa 2. In lalle ya rufe farcen, ki nemi wurin da bai kama ba. Ki ba ta yatsunki biyu-biyu ta matse, ki ji ko ƙarfin ya zo ɗaya. Ki duba inda aka sa kanula, wato 'yar robar da ƙarin ruwa yake bi ya shiga jijiya, ko ya kumbura, ko yana zafi, ko yana mata ciwo. Sannan ki ɗaga kai ki karanta abin da ke rataye: wane ruwa ne, saura nawa, da wane sauri yake sauka. Duk abin da ke manne da mara lafiya, ruwa ne, robar fitsari ce, bandeji ne, yana cikin abin dubawa.

A ciki tsarin yana canzawa: kallo, sauraro, sannan ƙwanƙwasawa da taɓawa. Dalili shi ne taɓawa tana motsa hanji ta canza ƙarar da za ki ji, kuma in kin fara da danna wuri mai ciwo za ta ɗaure cikin, ba za ki ƙara jin komai ba. An fi son mutum ya kwanta sosai ya ɗan lanƙwasa gwiwa, amma wannan matar kada ki kwantar da ita, numfashinta zai ƙara tsananta. A kishingiɗe za ki yi, ki rubuta cewa haka kika yi. Ki kalli girman cikin da tabon aiki. Ki lura da tsagar wanzami ko shaidar ƙaho, domin sau da yawa suna nuna miki daidai inda ciwon ya daɗe yana damun mutum, sai ki tambaya ba tare da tsangwama ba. Ki raba cikin gida huɗu da cibiya a tsakiya, ki saurari kowanne. Kada ki ce hanji ya yi shiru don kin saurara daƙiƙa kaɗan, sai kin ba shi mintuna. Ki ɗumama hannu, ki tambaye ta inda ke ciwo, ki fara daga nesa da wurin, ki zo masa a ƙarshe, idonki a kan fuskarta ba a kan hannunki ba. Danna mai zurfi ki bar shi sai malamarki tana tsaye. In ciki ya yi tauri kamar katako, ko kin ji wani ƙullutu yana bugawa, ki ɗauke hannu ki kira. Matar nan ta yamutsa fuska da kika taɓa ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama, inda hanta take. Ki tambayi bayan gida, jinin biƙi ko ya ɗauke ko yana wari, da fitsari. Babba ya kamata ya yi aƙalla rabin mililita a kowane kilo na nauyinsa a awa ɗaya. Mai kilo 60 ke nan mililita 30 a awa, 180 a awa shida. Ita ta ce tun safe sau ɗaya ta yi, ɗan kaɗan.

Ƙafa ita ce gaɓar da ake tsallakewa saboda tana cikin zani, kuma kowa ya gaji kafin ya iso ta. Ki buɗe duka biyun tare. Ki danna babban yatsanki a kan ƙashin ƙwauri, ɗan sama da idon sawu, daƙiƙa 5 aƙalla, ki saki ki shafa wurin. In ramin ya zauna, ruwa ne. Ki hau sama kina dannawa har inda ya daina loɓawa, wannan iyakar ita za ki rubuta, domin da ita za a gane gobe ko magani yana aiki. Nata ya kai gwiwa, ƙafa biyu. Bambancin nan babba ne. Kumburin ƙafa biyu yana nuni ga zuciya, ƙoda, hanta ko ƙarancin abinci mai gina jiki. Ƙafa ɗaya da ta kumbura, da zafi da ciwo a dambubu, musamman a mai jego ko wanda aka yi wa aiki, ana tsoron gudan jini ne a jijiya. Wannan kada ki matsa ta, kada ki bari 'yan uwa su yi mata tausa, gudan yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Ki ji bugun jini a bayan ƙafa, ki ji ɗuminta, ta tura tafin ƙafarta a hannunki. Mai ciwon suga kuma sai kin buɗe tsakanin yatsunsa ɗaya bayan ɗaya kin duba tafin, saboda yana iya taka ƙaya ya kwana bai ji ba.

To, haɗa su. Ba ta iya kwanciya, numfashi 28, bugu 112 siriri, iska 91, babu zazzaɓi, jijiyoyin wuya a cike, ƙarar ruwa a ƙasan huhu biyu, zuciya ta karkata, hanta tana ciwo, fitsari ya ragu, ƙafa biyu sun kumbura. Kowanne shi kaɗai ana iya ba shi wani dalili. A haɗe labari ɗaya suke bayarwa: zuciya ta gaza tura jini, ruwa yana taruwa a bayanta. Gazawar zuciya bayan haihuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun yi rubutu a kanta tun shekarun 1970. Ana yawan makara da ita domin gajiya da kumburin ƙafa kowa yana ɗaukar su na jego ne. Ki tambaye ta ko tana shan kunun kanwa, saboda kanwa tana da gishiri mai riƙe ruwa a jiki, amma ki tambaya kamar mai neman sani, ba mai neman laifi ba. Kuma ga ƙarin ruwa yana ɗiga a hannun matar da ruwa ya riga ya yi wa yawa.

Sa wa ciwo suna ba aikinki ba ne, haka canza abin da likita ya rubuta. Naki shi ne ki zaunar da ita sosai, ki tabbatar ba ita kaɗai ba ce, ki kai rahoto yanzu, ba sai lokacin miƙa aiki ba. Yadda kika faɗa shi ne zai sa a taso ko a ce ana zuwa. "Sista, matar can kamar ba ta jin daɗi" ba zai ɗaga kowa daga kujera ba. Ki ce: "Sista, mai gado na shida, mako shida da haihuwa, numfashinta 28, bugu 112, awon jini 98/70, iska 91, ba ta iya kwanciya. Na ji ƙarar ruwa a huhu biyu, ƙafafunta sun kumbura har gwiwa, kuma ƙarin ruwa yana tafiya. Don Allah ki zo ki gan ta yanzu." Duk nas ɗin da ta ji wannan za ta tashi, ta duba ruwan nan, ta nemi oksijin, ta kira likita. In kin faɗa ba a zo ba, ki sake faɗa, ko ki gaya wa malamar da ta kawo ku. Kunya ba ta da wuri a nan.

Sannan ki rubuta nan take, da kwanan wata da lokaci da sa hannunki, babbar nas ta sa nata. Ki rubuta abin da kika gani da lambobinsa, "kumburi mai loɓawa, ƙafa biyu, har gwiwa", ba "ƙafa ba daidai ba". Abin da ba ki duba ba ki rubuta ba ki duba ba, kada ki cike gurbin da "lafiya". Ki koma ki maimaita awon a lokacin da aka ce miki, domin lamba ɗaya ba ta faɗin inda aka dosa, sai an jera ta da ta baya.

Maganar gane matsala kuma, kunne da hannu ba sa gane marar kyau sai sun ƙoshi da mai kyau. Ki samu ƙawayenki a ɗakin kwana ku riƙa duba juna, koyaushe da tsari ɗaya, kina faɗin abin da kike yi da baki kamar yadda za a nema a jarrabawar aiki. Ki saurari ƙirjin masu lafiya da yawa, siriri da mai jiki, ki ja fatar idonsu, ki danna ƙwaurinsu. A ɗakin jinya kuma, duk lokacin da kika ji an ce wani yana da ƙarar ruwa a huhu ko hantarsa ta kumbura, ki nemi izininsa da na babbar nas ki ji da kanki. Da farko dubawar za ta ci miki rabin awa ko fiye. In hannu ya saba, minti 10 zuwa 15 sun isa. Allah ya ba da sa'a.